Ɗan'uwana yana son barin taba: yaya zan taimake shi ba da mita ko gori ba?

Yayana ya shekara 19 yana shan sigari, kwali ɗaya a rana, wato kara 20. Sai a yunƙuri na huɗu ya bari, kuma a ukun farko ina cikin waɗanda suka dagula masa lamarin, ina ganin taimako nake yi. Tambayoyin nan su ne waɗanda mata, 'ya'ya da ƙanne suka fi yi idan wani nasu ya ce zai daina. Na tsaya kan taba domin ita na fi sani, amma akwai tambaya ɗaya kan giya da ƙwayoyi, saboda can lissafin ya bambanta.

Ya ce mini yana son ya bari. Me zan fara ce masa?

Kada ka ce "ai da ma na sha gaya maka". Maganar gaskiya ce, amma tana mai da shawarar da ya yanke da kansa ta zama nasararka a kansa. Ka ce ka ji daɗi, sannan ka tambaye shi abu ɗaya: me yake so ka yi, me kuma ba ya so ka yi? Mutane sun bambanta sosai a nan. Wani yana son a riƙa tambayarsa kullum, wani kuwa tambayar ce take tuna masa da tabar da ya manta da ita awa biyu.

Da na yi wa Yaya wannan tambaya a karo na huɗu, amsarsa ta ba ni kunya. Ya ce, "Ka daina shinshina ni idan na shigo. Ina ganinka." Ashe duk lokacin da na matso kamar zan karɓi jakarsa, ya san abin da nake yi. Muka yi yarjejeniya: ba zan tambaye shi ba, shi zai kira ni idan abin ya taso masa, ko da tsakar dare ne.

Me ya sa mita ba ta aiki, alhali gaskiya nake faɗa masa?

Domin gaskiyar da kake faɗa ya riga ka saninta. Mai shan taba ya san tana jawo kansar huhu da ciwon zuciya, a jikin kwalin ma yakan gani. Yana tafe ne da zuciya biyu: ɗaya na son bari, ɗaya na tsoron rayuwa babu ita. Idan ka ɗauki ɓangaren bari ka yi ta jawo hujja, abin da ya rage masa shi ne ya kare ɗaya ɓangaren. Sai ka ji yana cewa "ai wane ya shekara 80 yana sha", ko "ai na rage". Kuma mutum ya fi yarda da abin da ya ji ya fito daga bakinsa. Da haka ka sa shi ya yi minti goma yana lallashin kansa ya ci gaba da sha.

William Miller, masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, ya rubuta kan wannan tun 1983 yana aiki da masu shan giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka gina salon tattaunawar da ake koya wa likitoci da ma'aikatan jinya a yau. Jigonsa shi ne a bar mutum ya faɗi dalilinsa da bakinsa. A gida, hakan na nufin ka maye gurbin "ka san tana kashe mutane" da "Yaya, me ya sa wannan karon ka ga ya kamata?" Daga nan ka yi shiru ka saurara. Dalilin Yaya bai zama tsoron kansar huhu ba ko kaɗan. 'Yarsa ce mai shekara shida ta kau da kai da zai sumbace ta, ta ce bakinsa na wari.

Illar mita ta biyu ta fi wannan muni, ita ce ɓoyo. Wanda ake yi wa faɗa ba ya daina sha, daina sha a gabanka yake yi. Ranar da ya zame ya sha kara ɗaya, ranar da ya fi bukatar wanda zai gaya wa, kai ne mutum na ƙarshe da zai nufa.

To mene ne bambancin tunatarwa da gori?

Gori yana magana kan mutum, tunatarwa tana magana kan abin da ya faru. "Kai ba ka da zuciya", "ko yaro ya fi ka riƙe alkawari", "dubi kuɗin da kake ƙonawa ga iyali na bukata": duk waɗannan suna ce masa shi mutumin banza ne. Wanda ya yarda shi na banza ne kuwa ba ya ganin amfanin ƙoƙari, kuma hanyar da ya sani ta kwantar da ɓacin rai shekara da shekaru ita ce kara ɗaya.

Akwai gorin da ba a furtawa, kuma ya fi yawa a cikin gida: tarin ƙarya idan ya shigo, buɗe taga da ƙarfi, ajiye guntun sigarin da aka tsinta a inda zai gani, ko yi masa hannunka mai sanda a gaban baƙi. Mafi zafi shi ne a aiko yara su yi maganar. Idan yaro ya faɗi nasa da kansa wannan daban, amma a koya masa abin da zai ce wa ubansa, wannan tozarci ne, kuma uban yana ganewa.

Ya daina kwana biyu ke nan ya zama kamar wani mutum dabam. Faɗa, tsaki, rashin barci. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, hasali ma alama ce cewa da gaske bai sha ba. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kamu da taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙa, kuma cikin kamar awa biyu rabinsa ya bar jini. Shi ya sa mai kwali ɗaya yake kunna wata kusan kowace awa. Idan aka yanke, jiki yakan fara kuka tun ranar farko, abin ya kai maƙura a rana ta biyu da ta uku, sannan ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Abin da za ka gani shi ne saurin fushi, kasa zama wuri ɗaya, kasa tattara hankali, yawan cin abinci, barci a yanke-yanke, wani lokaci har da taurin bayan gida. Wasu tarinsu ma ƙaruwa yake yi a makonnin farko, domin ƙananan gashin da ke share hanyar iska sun farfaɗo sun fara fitar da majina.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɗauki tsakin a matsayin naka. Kuma ka kiyayi jumlar nan da ke fita daga bakin wanda ya gaji: "Wallahi gara ka koma ka sha mu huta." Matar Yaya ta faɗe ta a yunƙuri na biyu, rana ta uku, ya fita ya sayo kwali. Ba ta nufi haka ba, amma shi a lokacin izini kawai yake nema.

A makon farko a ɗage duk maganar da za ta iya jira: bashi, gyaran gida, rigimar dangi. Wannan ba ya nufin a haɗiye cin mutunci. Idan ya wuce gona da iri, ana iya cewa, "Na san jikinka ne ke damunka, amma wannan maganar ta yi mini zafi," a bar masa ɗakin. Duka ko barazana kuwa ba sa cikin alamomin barin taba, kada a ba su wannan uzuri.

Abu ɗaya da ba a cika sani ba: hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke cikin kofi da shayi mai hana barci. Da ya daina, kofi ukun da ya saba sha sai su yi masa aikin kusan shida. Idan yana rawar hannu yana kasa barci, ya rage su zuwa rabi kafin a zargi wani abu.

Idan kwaɗayin ya taso masa ina wurin, me zan yi?

Kwaɗayin taba yana zuwa ne kamar guguwa, ya yi ƙarfi, sannan ya wuce, galibi cikin minti uku zuwa biyar, ko an sha ko ba a sha ba. Aikinka shi ne ka cinye masa waɗannan mintuna. Ka miƙa masa ruwan sanyi, ku fita ku zaga, ka jawo hirar da ka san tana ɗauke masa hankali. Kada ka yi wa'azi a lokacin, kuma kada ka tambaye shi "yaya kake ji?" sau uku.

Ya fi kyau a shirya tun kafin ranar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Mun zauna da Yaya da takarda muka jera karansa 20 bisa lokaci. Sai ga shi guda biyar ne masu haƙori: na farkon safiya, na bayan cin abincin rana da na dare, na cikin mota idan yana dawowa daga aiki, da wanda yake sha idan an ɓata masa rai a waya. Sauran 15 ɗin cike gurbi ne. Kowanne daga cikin biyar ɗin muka nemo masa madadi. Na safe, ya tashi ya shiga wanka kai tsaye maimakon zama a bakin gado. Na bayan abinci, ya miƙe nan take ya goge baki. Na mota, aka wanke motar ciki da waje aka cire laita, kuma a makon farko ni nake kiransa daidai lokacin da zai taso. Na wayar ne muka kasa samar wa magani, kuma shi ne ya kayar da shi daga baya.

In ɓoye masa sigarin, ko in zubar?

A'a, sai dai idan shi ya ce ka yi. Kwashe sigari, ashana, laita da abin zuba toka daga gida a daren jajiberin ranar bari abu ne mai amfani ƙwarai, amma da hannunsa, ko tare da shi. Wanda aka zubar wa a ɓoye zai sayo wani, ya kuma koyi inda ba za ka duba ba.

Shin ba ƙarfin zuciya kawai ake bukata ba? Me ya kawo maganar magani?

Cikin mutum ɗari da suka yanke taba da ƙarfin zuciya kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, kusan uku zuwa biyar ne suke kai shekara ba su koma ba. Wannan adadi ya isa ya kashe bakin mai gori. Magungunan maye gurbin nikotin suna ƙara damar nasara da kimanin rabi ko fiye, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan taimaka wa manya barin taba, inda ta amince da su, tare da ƙwayoyi uku: bareniklin, bufurofiyon da sitisin. Ta kuma ce haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowanne shi kaɗai.

Masu maye gurbin nikotin da aka fi samu su ne filasta da ake mannawa a fata, da cingam. Filastar tana sakin nikotin a hankali duk yini. Mai shan fiye da kara 10 a rana yakan fara da ta miligiram 21 tsawon mako shida, ya sauko ta 14 mako biyu, sannan ta 7 mako biyu. Cingam ɗin na lokacin da kwaɗayi ya taso ne, akwai na miligiram 2 da na 4, kuma wanda yake kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa shi ne mai bukatar na 4. Haɗa biyun ya fi amfani da ɗaya.

A nan ɗan'uwa zai iya yin aiki na gaske. Mutane da yawa suna watsar da cingam ɗin suna cewa yana sa su shaƙuwa da tashin zuciya, alhali tauna shi suke yi kamar na yara. Ana ɗan tauna shi ne har a ji yaji-yaji a baki, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, idan yajin ya lafa a sake taunawa, haka har kusan rabin awa. Kada a sha kofi ko lemo minti 15 kafin a sa shi, domin tsami na hana shi shiga jiki. Kuskure na biyu shi ne dainawa bayan kwana goma don an ji sauƙi. Kuskure na uku namu ne 'yan'uwa, mu ce "ai ka bar wata jaraba ka kama wata". Abin da ke jawo cutar kansa da lalata huhu yana cikin hayaƙin da kwaltarsa ne, filasta ba ta da ko ɗaya.

Ka yi tayin raka shi wurin likita ko mai harhaɗa magani, amma ka bar shi ya yi bayaninsa da kansa. Ganin likita ya zama dole ga mai ciki, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, da wanda ke shan maganin taɓin hankali irin su kulozafin ko olanzafin, domin barin taba na sa waɗannan biyun su taru a jini, a bukaci rage su.

Ya sha kara ɗaya bayan mako uku. Shi ke nan komai ya rushe?

Bai rushe ba, amma awanni 24 masu zuwa su ne za su nuna. Alan Marlatt, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda masu bari suke komawa, ya bayyana tarkon da kyau: mutum ya zame sau ɗaya, sai ya ce a ransa "na riga na karya, ni ba zan taɓa iyawa ba", daga nan kara ɗaya ya zama kwali. Kunya ce ke tura shi daga zamewa zuwa komawa, kuma fuskarka a lokacin na iya ƙara ta ko ta rage ta.

Yaya ya zame a rana ta 23. An kira shi daga wurin aiki aka ɗora masa laifin da ba nasa ba, ya roƙi kara a hannun wani ya sha. Da daddare ya kira ni ya ce, "Na sha." Raina ya ɓaci, na kusa cewa "haba Yaya", na haɗiye. Na ce na gode da ya gaya mini, na tambaye shi guda nawa, ya ce ɗaya da rabi. Na tambaya ko ya sayi kwali, ya ce ya saya yana aljihu. Na ce me yake so ya yi da shi. Ya yi shiru, can ya ce zai jiƙa shi da ruwa, ina kan waya ya yi. Sannan muka koma kan abin da ya jawo: kiran waya mai zafi, ba cingam a aljihu. Washegari ya manna filastarsa kamar kullum, domin zamewa ba dalilin cire ta ba ne, ya kuma sa cingam a mota da aljihun kowace riga.

Ban ce masa "ba komai" ba, domin ba gaskiya ba ne, kara ɗaya na farfaɗo da kwaɗayin sosai. Ban kuma ce mu koma ƙirga daga sifili ba. Kwana 22 da huhunsa ya huta suna nan.

Idan ya koma gaba ɗaya fa?

Yawancin waɗanda suka bari sai da suka gwada sau da dama. Ka bar maganar na ɗan lokaci, ka ce masa sau ɗaya, "Duk ranar da ka shirya sake gwadawa ina nan," ka tsaya a nan. Idan ya dawo, ku fara daga abin da ya kayar da shi a baya. Idan kuma yana cewa ai ya makara, akwai binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi shekara 50 suna bin likitocin Birtaniya, aka buga a 2004: wanda ya bari yana ɗan 30 ya ceto kimanin shekara 10 na rayuwarsa, ɗan 40 shekara tara, ɗan 50 shida, ɗan 60 ma uku.

Ina da 'yancin hana shi sha a cikin gida, ko wannan ma matsi ne?

Kina da shi, kuma ba mita ba ce. Mita tana neman ta juya shi, wannan kuwa kare numfashinki ne da na yara. Hayaƙin da na kusa ke shaƙa yana tayar da asma, yana jawo ciwon kunne da na huhu ga ƙananan yara, kuma buɗe taga ba ya kawar da shi. A faɗa sau ɗaya, a lokacin da rai ke kwance: ba sha a cikin ɗaki, ba sha a mota. Kada a haɗa da maganar yaushe zai bari. Abin mamaki, wannan doka kan rage yawan abin da mutum ke sha ba tare da an ce masa ya rage ba.

Ya fara ƙiba. In yi magana?

Kada ki yi. Ƙarin kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko abu ne da aka saba gani, kuma tsoronsa na mai da mutane da yawa ga taba, musamman mata. Haɗarinsa bai kama ƙafar na sigari ba. Idan kina son taimakawa, ki ja shi yawo da ƙafa da yamma, wanda da ma yana rage kwaɗayin.

Nawa ba taba yake son bari ba, giya ce ko ƙwaya. Duk ɗaya ne?

Maganar mita da gori ɗaya ce, amma yadda ake yankewa ba ɗaya ba ne. Barin taba farat ɗaya yana da wuya, amma ba ya kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, idan ya yanke farat ɗaya, zai iya faɗuwa da jijjiga, ko bayan kwana biyu zuwa uku ya ruɗe, ya riƙa gane-gane, da zufa da rawar jiki, kuma wannan na iya kai shi lahira. Haka ƙwayoyin barci irin su diyazifam, a hankali likita ke rage su. Tiramadol da kodin ma sun fi sauƙin bari ƙarƙashin kulawar asibiti, kuma wanda ya yi makonni bai sha ba, idan ya koma kan adadin da ya saba, jikinsa ba zai ɗauka ba, numfashi na iya tsayawa. Saboda haka kada a kulle mutum a ɗaki ko a ɗaure shi wai har abin ya fita daga jikinsa. A fara da likita.

Ko a taba ma, idan baƙin cikinsa ya wuce mako biyu yana ƙara zurfi, ko ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar.

Sai yaushe zan saki jiki?

Mafi yawan komawa na faruwa ne a makon farko da na biyu, daga nan haɗarin ya riƙa raguwa. Amma akwai wani rami a wata na biyu da na uku: kowa a gida ya ɗauka an gama, an daina yabo, shi kuwa yana fama a ɓoye da tunanin "ai yanzu na fi ƙarfinta, ɗaya ba za ta yi komai ba". A wannan lokacin kalma ɗaya takan yi amfani, muddin abin da ka gani da idonka ne: ya hau bene bai tsaya haki ba, ko tarin safen nan ya ɗauke. Ranakun rasuwa, rasa aiki, ko haɗuwa da tsofaffin abokan sha, nan ma ka matso kusa ba tare da ka ambaci taba ba.

Yaya yana shekara ta biyar yanzu. Watanni kaɗan da suka wuce, bayan mun dawo daga asibiti duba mahaifiyarmu, ya kira ni wajen ƙarfe ɗaya na dare ya ce yana tsaye a waje, ransa na son kara ɗaya. Muka yi ta hirar tsohuwar motarsa da ta ƙi tashi har kusan minti ashirin, sannan ya ce barci yake ji, ya kashe wayar.